Mai Ciki da Maganin Kashe Ƙwayoyin Cuta: Wanne Ya Dace, a Wane Wata?

A yawancin garuruwanmu, mace mai ciki da ta ji zafin fitsari ko ciwon mara takan fara zuwa kemis ɗin bakin layi kafin ta je asibiti. Tana cewa "ciwon sanyi" ko "infekshan", sai a haɗa mata ƙwayoyi kala uku ko huɗu a leda, wani lokaci ma ba a tambaye ta ko tana da juna biyu ba. Akwai kuma wadda likita ya rubuta mata magani a wurin awo, ta koma gida uwar miji ko maƙwabciya ta ce mai ciki ba ta shan kafso, sai ta jefa shi bayan gado. Dukansu suna cikin haɗari, kuma sau da yawa haɗarin ta biyun ya fi girma, domin cutar da aka bari ba magani tana iya kai wa ga naƙudar bakwaini ko ta hau ƙoda.

Magungunan da ake kira antibayotik, wato masu kashe ƙwayoyin cuta na bakteriya, dangi-dangi ne, kuma kowane dangi da irin hanyar da yake bi ya kashe ƙwayar cuta. Kusan dukansu suna ratsa mabiyiya su kai ga ɗan da ke ciki. Saboda haka likita yakan duba abin da maganin zai yi idan ya isa can, da kuma watan da cikin yake. A makonnin farko, daga wajen mako na 5 zuwa na 10 in aka ƙirga daga jinin al'ada na ƙarshe, ake ƙera zuciya da ƙwaƙwalwa da laka da gaɓoɓi. A tsakiyar ciki ƙashi da haƙora ke ƙwari. A ƙarshe kuwa abin tsoro shi ne maganin da zai rage a jinin jariri bayan an yanke cibiya, lokacin da hantarsa ba ta yi ƙarfin fitar da shi ba. Magani ɗaya yana iya zama lafiya lau a wata na biyar, ya zama abin gudu a wata na tara.

Dangin da likitoci suka fi natsuwa da shi shi ne na fenisilin: amoksisilin, amfisilin, Amfikulos, da allurar fenisilin kanta. Dalilin natsuwar a fili yake. Waɗannan magunguna suna rushe bangon da ke kewaye da ƙwayar bakteriya, jikin ɗan Adam kuwa ba shi da irin wannan bango, don haka ba abin da za su rusa a jikin ɗan tayi. Ga kuma shekaru fiye da saba'in ana ba masu ciki su ba a ga sun ƙara yawan nakasa ba. Dangin sefalosforin, irin su sefaleksin, sefuroksim da allurar seftiriyakson, aikinsu iri ɗaya ne, kuma matsayinsu ɗaya. Babbar matsalarsu ita ce borin jini ga wadda jikinta ba ya karɓarsu. Duk matar da ta taɓa shan fenisilin ta kumbura, ko jikinta ya yi ruɗu-ruɗu, ko numfashinta ya sarƙe, wajibi ne ta faɗa kafin a rubuta mata komai. A nan ake komawa ga eritiromaisin ko azitiromaisin ko kilindamaisin. Su ma ana ba masu ciki, sai dai shaidar da ke bayansu ba ta kai ta fenisilin ƙarfi ba, musamman a watanni ukun farko, shi ya sa ba a fara ɗauko su sai da dalili.

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar sauran ita ce a ɗauki cuta ɗaya a bi ta. Cutar mafitsara ta fi dacewa, don ita ce ta fi sa a ba mai ciki antibayotik. Ciki yana sassauta bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda, mahaifa kuma tana danne su, sai fitsari ya riƙa kwanciya, ƙwayoyin cuta su sami wurin hayayyafa. Mafi yawansu ƙwayar nan ce da ake kira ikolai, wadda ke fitowa daga hanjin matar da kanta. Wata macen ma ba ta jin komai, sai a gwajin fitsari na awo a gani. Ga wadda ba ta da ciki, irin wannan ba a ma ba ta magani. Ga mai ciki kuwa dole ne, domin in aka bari, wajen ɗaya cikin huɗu cutar za ta hau ƙoda. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin awon ciki da ta fitar a 2016, ta ce a ba su magani na kwana 7 ko da ba sa jin ciwo.

To, a ce ga wata mata mai cikin mako 9, tana fitsari akai-akai, yana yi mata zafi, marar tana ciwo, amma ba zazzaɓi. In ta je kemis, abu mafi kusa da za a miƙo mata shi ne Saftirin ko sifiro, don su aka saba ba kowa. Dukansu ba su dace da ita ba.

Saftirin magunguna biyu ne a ƙwaya ɗaya. Ɗayansu, tirimetofirim, yana kashe bakteriya ta hanyar hana ta amfani da sinadarin folik asid, wato sinadarin da ke cikin 'yar ƙaramar ƙwayar nan mai ruwan ɗorawa da ake raba wa mata a wurin awo. Wannan sinadari shi ɗan tayi ke buƙata don lakarsa da ƙwaƙwalwarsa su rufu daidai, don zuciya da dasashi su ƙeru lafiya. Shan maganin da ke gāba da folik asid a lokacin da ake wannan gini yana iya ƙara haɗarin a haifi jariri da buɗaɗɗen gadon baya ko wata nakasar. Saboda haka ana guje masa a watanni ukun farko. Sifiro kuwa, wato sifirofuloksasin, da 'yan uwansa ofuloksasin da lebofuloksasin, an ga suna lalata guringuntsin gaɓoɓi a jikin ƙananan dabbobin gwaji. A gaskiya binciken da aka yi kan matan da suka sha shi ba su sani ba bai nuna ƙarin nakasa a fili ba, amma tunda akwai madadin da aka fi sani, ba dalilin ɗauko shi. Akwai wani abu ma da mutane ba su cika lura da shi ba: ƙwayar ƙarin jini da mai ciki ke sha kullum tana kama sifiro a cikin hanji ta hana shi shiga jini, sai a sha maganin a banza.

A asibiti, malamar awo za ta fara da karɓar fitsari, na tsakiya ba na farko ba, a kwalba mai tsabta, a kai ɗakin gwaji a shuka shi. Sakamakon yakan ɗauki kwana biyu zuwa uku, kuma shi zai faɗi sunan ƙwayar da maganin da ke kashe ta. Kafin ya fito, likita zai iya fara ba ta sefaleksin, misali miligiram 500 sau biyu ko uku a rana na kwana 7. Mai karatu zai iya tambaya, me ya hana a ba ta amoksisilin tunda shi ne aka fi yabo? Amsar ita ce, rashin cutar da ɗan tayi daban, warkar da cuta daban. Shekaru da yawa na shan amoksisilin da Amfikulos barkatai, ga mura, ga gudawa, ga "wankin ciki" bayan al'ada, sun sa ƙwayar ikolai ta daina jinsu a wurare da dama. Saboda haka ba a dogara da amoksisilin a cutar mafitsara sai gwaji ya nuna zai yi aiki. Maganin da bai cutar da ɗa ba amma bai taɓa cutar ba, ya bar uwar a inda take, ya kuma ɓata mata mako guda.

Yanzu a ce wannan matar cikin nata wata biyar ne. A nan naitirofurantoyin ya zama zaɓi mai kyau, domin yana taruwa a cikin fitsari, ƙwayoyin cuta kuma ba su bijire masa kamar yadda suka bijire wa saura ba. Ana shan sa da abinci don yakan tayar da zuciya, kuma yana mai da fitsari ruwan ƙasa-ƙasa, wanda ba abin tsoro ba ne. Akwai kuma fosfomaisin, gari ne giram 3 da ake kaɗawa a ruwa a sha sau ɗaya tak, in an same shi. Amma in cikin ya kai mako 36 zuwa sama, likitoci da yawa sukan ajiye naitirofurantoyin, domin yana iya farfasa jajayen ƙwayoyin jinin jaririn da ke gab da fitowa. Wannan gargaɗi ya shafe mu fiye da Turawa, saboda akwai wani ƙarancin sinadari na gado da ake kira G6PD, wanda ya yawaita a Afirka ta Yamma, musamman tsakanin 'ya'ya maza. Mai irin wannan jini, ƙwayoyin jininsa kan fashe in ya haɗu da wasu magunguna. Matar da ta san tana da shi, ko ta taɓa shan magani fitsarinta ya koma kamar ruwan shayi idanunta suka yi ɗorawa, ko ta haifi jariran da suka yi shawara mai tsanani, ya kamata likita ya ji wannan labari tun farko.

Saftirin ma yana sake dawowa cikin jerin abin gudu a ƙarshen ciki, amma yanzu saboda ɗayan rabin nasa, wato salfa. Jarirai da yawa kan yi 'yar shawara a kwanakin farko. Salfa na iya ture sinadarin shawarar daga inda yake ɗaure a jini, ya sake shi ya shiga ƙwaƙwalwa, kuma ɓarnar da yake yi a can ba ta gyaruwa. Sai dai a nan akwai wurare biyu da bai kamata a ruɗe ba. Matar da ke ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki wadda aka ɗora ta kan Saftirin na kariya, ci gaba za ta yi da sha har ta haihu, domin amfaninsa gare ta ya rinjayi haɗarinsa. Haka kuma Fansida da ake ba mata ƙwaya uku a wurin awo don rigakafin zazzaɓin cizon sauro, shi ma dangin salfa ne, amma ana fara shi ne daga mako na 13, ana barin aƙalla wata guda tsakanin sha da sha, kuma ya tabbata yana rage haihuwar jarirai marasa nauyi. Abin da ba a yi shi ne haɗa su biyun: wadda ke kan Saftirin kullum ba a ƙara mata Fansida.

Idan aka yi sakaci, ko aka sha maganin kwana biyu aka ajiye don zafin ya lafa, labarin kan canja. Zazzaɓi mai zafi da makyarkyata, amai, ciwo a kwiɓi ko gefen baya ɗaya: cutar ta hau ƙoda ke nan. Da yawa sukan ɗauka maleriya ce, su sha maganinta su kwanta, alhali ya kamata a gwada jini da fitsari duka. Wannan ba ciwon gida ba ne. Kwantar da ita ake yi, a sa mata ruwa, a yi mata allurar seftiriyakson ta jijiya har zazzaɓin ya sauka, galibi cikin kwana biyu zuwa uku, sannan ta ƙarasa da na sha. Naitirofurantoyin ba shi da amfani a nan, don ba ya taruwa a naman ƙoda. In cutar ta yi tsanani, likita na iya ƙara jentamaisin na 'yan kwanaki. Wannan allura danginta na iya taɓa ƙoda da jijiyar ji, shi ya sa ake auna ta da nauyin jiki kuma ba a daɗewa ana yi. A ganina, jentamaisin a gadon asibiti ga macen da cuta ta shiga jininta daidai ne, amma wadda ake yi a bayan kantar kemis saboda "sanyi" ganganci ne tsantsa.

Akwai magungunan da ba sa buƙatar dogon lissafin wata, gudunsu ake yi. Na farko tetirasaikilin, kafson nan da ake kira ja da yalo, wanda har a faranti ake tallarsa a kasuwa da tasha, ana sha don gudawa. Yana manne wa sinadarin kalsiyam, saboda haka daga wajen wata na huɗu yakan shiga haƙoran da ke ƙeruwa a cikin dasashin ɗan tayi. Uwa ba za ta ga komai ranar haihuwa ba, sai yaro ya fara haƙora su fito da launin ɗorawa ko toka-toka, kuma ba asuwakin da zai fitar da shi. Yana kuma iya rage saurin girman ƙashi na ɗan lokaci, kuma mai yawansa ya taɓa lalata hantar masu ciki. Ƙaninsa doksisaikilin bai kai shi wannan illa ba, amma shi ma ba a ba mai ciki sai in cuta ce mai barazana ga rai kuma likita ya ga ba madadi. Abin lura shi ne doksisaikilin yana cikin haɗin da aka saba yi wa masu "infekshan". Kuma kada a dogara da launin kafso, domin kamfanoni daban-daban na iya zuba magani daban a kala ɗaya. Sunan da ke jikin kwali ko katin shi ne abin dubawa, maganin da aka ƙirgo tsirara a leda kuwa ba wanda zai iya rantsuwa a kansa.

Na biyu kuloramfenikol, tsohon maganin taifot. Hantar jariri sabon haihuwa ba ta iya sarrafa shi, sai ya taru, jaririn ya yi toka-toka, cikinsa ya kumbura, jininsa ya faɗi, yana iya mutuwa. Tun ƙarshen shekarun 1950 aka gane haka, shi ya sa ake nisantarsa a ƙarshen ciki. In taifot ɗin gaske ne, ba wanda gwajin Widal kaɗai ya nuna ba, wanda sau da yawa yakan nuna cutar ga wanda ba shi da ita, ana iya maganinsa da seftiriyakson ko azitiromaisin. Na uku sitiraftomaisin, allurar da a da ake yi wa masu tarin fuka, wadda ta kurmantar da wasu yara tun suna ciki. Amma magungunan tarin fuka huɗu na sha da ake bayarwa kyauta yanzu, ana ci gaba da su a lokacin ciki, tare da bitamin B6. Matar da ta daina su don ta sami ciki ta jefa kanta da ɗanta cikin haɗarin da ya fi na maganin nesa ba kusa ba.

Filajil yana tsaka-tsaki. Shi ne maganin ruwan gaba mai ƙarni da wasu cututtukan hanji, kuma binciken da aka tara bai nuna yana nakasa yara ba, don haka ana ba masu ciki in an tabbatar da buƙata, ko da yake wasu likitocin sun fi son a wuce watanni ukun farko, kuma a raba shi kwanaki maimakon a sha mai yawa lokaci guda. Sai dai a nan ma akwai ruɗani. Yawancin farin ruwan da ke ƙaruwa lokacin ciki, mara wari mara ƙaiƙayi, ba cuta ba ne. Mai ƙaiƙayi da kauri kamar kindirmo kuwa yawanci naman gwari ne ke kawo shi ba bakteriya ba, antibayotik ƙara shi yake yi. Maganinsa na matsi ne, kulotirimazol, na kusan mako guda.

Ko a cikin dangin da aka yarda da su akwai togiya guda da ta cancanci a sani. Ogmentin, wato amoksisilin da aka haɗa da kilabulanik asid, ana ba masu ciki ba matsala. Amma in faya ta fashe kafin lokaci, ruwa yana zuba alhali cikin bai kai mako 37 ba, ba a amfani da shi, domin wani babban bincike da aka wallafa a 2001 ya nuna yana ƙara wa bakwaini haɗarin ruɓewar hanji. Eritiromaisin ake bayarwa a wannan hali, miligiram 250 sau huɗu a rana har kwana 10 ko zuwa haihuwa. Wani wurin kuma fenisilin ba shi da magaji: in gwajin jini na awo ya nuna tunjere, allurar benzatin fenisilin ce kaɗai aka tabbatar tana warkar da uwa da ɗan da ke cikinta tare. Eritiromaisin ba ya ratsa mabiyiya sosai, zai iya taimakon uwar ya bar jaririn da cuta.

Saura tambayar da ta fi tayar wa mata hankali: "Malama, na sha sifiro da doksi sati biyu da suka wuce, sai yanzu na gane ina da ciki." Malamar da ta san aikinta ba za ta firgita ta ba. Ko ba a sha komai ba, wajen jarirai 3 cikin 100 ana haihuwarsu da wata nakasa babba, kuma 'yan kwanakin sifiro ko doksisaikilin a farkon ciki ba a ga sun ɗaga wannan adadi a fili ba. Illar tetirasaikilin ga haƙora ma sai daga wata na huɗu take farawa. Abin da za ta yi shi ne ta dakatar da maganin, ta zo da kwalinsa ko katinsa, ta faɗi ranar da ta ga jininta na ƙarshe da ranakun da ta sha, don a lissafa makon da abin ya faɗa. In Saftirin ne, likita zai duba ko tana shan folik asid, wataƙila ya ƙara mata yawansa. Za a sake gwada fitsarin don a ga ko cutar da ta sa ta shan maganin ta tafi, in ba ta tafi ba a sauya mata wanda ya dace da watanta, sannan a sa mata ranar hoton ciki tsakanin mako na 18 da na 22, lokacin da ake iya ganin zuciya da gadon baya da ƙwaƙwalwar ɗan da kyau.